Rajistar aikin kulle oda bayan rufe wata

9 ga Maris

Yau da safe akantarmu ta zo teburina da takardu biyu. Dukansu rahoton cinikin Fabrairu ne, manhaja ɗaya ce ta fitar da su. Na farko an buga shi ranar 4 ga Maris, shi aka sa wa hannu aka kai wa manaja, jimillarsa 4,318,500. Na biyu yanzu ta buga shi, jimillarsa 4,291,000. Ta ɗora yatsa a kan lambar ƙasa ta ce, "Malam, watan da ya riga ya wuce, ta yaya cinikinsa zai ragu da 27,500 a cikin kwana biyar?"

Ba ni da amsa a take, amma na san ruwa ba ya tsami banza. Manhajar odarmu, wadda ni ke kula da ita, tana barin duk mai izinin shigar da oda ya buɗe kowace oda, ta jiya ko ta bara, ya canja abin da ya ga dama ya adana. Rahoto kuma ba ajiye yake ba, duk lokacin da aka neme shi sai ya sake tara lissafi daga abin da ya tarar a rumbun bayanai a wannan lokacin. Ke nan rahoton Fabrairu zai riƙa sauya fuska muddin akwai mai taɓa odar Fabrairu. Na buɗe wannan rajista don in riƙa rubuta yadda aikin gyaran yake tafiya.

12 ga Maris

Na gano inda 27,500 ɗin suka shige. Ba mu da kundin da ke rubuta wanda ya canja me, don haka na ɗauko kwafin ajiya na daren 4 ga Maris, wanda `pg_dump` ke yi kullum, na zuba shi a wani rumbu daban, na gwama odar Fabrairu layi da layi da abin da ke nan yau. Oda uku ne suka bambanta.

Ta farko, kwastoma ya dawo da kaya uku cikin goma da ya saya. Maimakon a rubuta dawowar, sai aka buɗe tsohuwar odar aka mayar da 10 ta koma 7. Kowane ɗaya 4,500 ne, wato an rage 13,500. Ta biyu oda ce ta 22,000 da aka share gaba ɗaya don an soke ta daga baya. Wannan ce ta fi damuna, domin ba ta bar sawu ba ko kaɗan, in ban da giɓin da ke cikin jerin lambobin oda. Ta uku kuwa ƙari ta yi: odar 8,000 ce ta 2 ga Maris da aka mayar da kwananta 27 ga Fabrairu, saboda a ranar ce aka yi cinikin da baki. Ragin 13,500 da 22,000, ƙarin 8,000, ya ba da 27,500 cif.

Na yi magana da mutanen da suka yi gyaran. Babu wanda ya yi da mugun nufi. Kowannensu gani yake yana gyara rikodi ya dace da gaskiya, kuma ta wani gefen yana da gaskiya: kayan sun dawo, odar an soke ta. Abin da ba su gani ba shi ne cewa lambar Fabrairu ta riga ta fita daga hannunmu. An lissafa kamashon masu sayarwa da ita, manaja ya yanke shawarar sayen kaya da ita. Idan ta motsa a ɓoye, duk abin da aka gina a kanta ya zauna a kan iska, kuma ranar da wani zai yi irin wannan da mugun nufi, ba za mu iya bambanta shi da waɗannan bayin Allah ba.

17 ga Maris

Mun zauna da akanta da manaja, muka tsayar da abu uku. Za a riƙa rufe kowane wata ranar 5 ga watan da ke biye, don a samu kwana huɗu na shigar da takardun da suka makara. Akanta ce kaɗai ke rufewa. Bayan an rufe, duk abin da ke shafar kuɗi a odar wannan watan ya daskare.

Manaja ya tambaya ko ba zai wadatar ba in dusashe maɓallin gyara a allon tsofaffin oda. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan ƙofa ɗaya ce, ɗakin kuwa ƙofa huɗu gare shi." Ban da allon, akwai hanyar shigo da oda da yawa daga fayil ɗin CSV, akwai manhajar waya da masu kai kaya ke amfani da ita, sannan akwai ni kaina idan na shiga da `psql` ina gyara abu da hannu. Duka huɗun a rumbun bayanai suke haɗuwa. Can ya kamata kwaɗon ya zauna. Maɓallin ma zan dusashe shi, amma don kada mutum ya ɓata lokaci yana cike abin da za a ƙi karɓa ne kawai.

24 ga Maris

Na yi tebur mai suna `periods`, layi ɗaya ga kowane wata, da gurbin `closed_at` wanda babu komai a cikinsa sai an rufe. Kowace oda ta samu gurbin `period` da ke faɗin watan da take. Sai `trigger` na PostgreSQL da ke tashi kafin kowane `INSERT`, `UPDATE` ko `DELETE`:

```sql
IF TG_OP <> 'INSERT' THEN
  PERFORM duba_wata(OLD.period);
END IF;
IF TG_OP <> 'DELETE' THEN
  PERFORM duba_wata(NEW.period);
END IF;
```

Aikin `duba_wata` shi ne ya leƙa `periods`, idan watan a rufe yake ya yi `RAISE EXCEPTION`, komai ya koma yadda yake. Idan ma bai samu layin watan ba, ƙi zai yi.

Dalilin duba `OLD` da `NEW` duka biyu yana cikin oda ukun nan. Rubutuna na farko `OLD` kaɗai yake dubawa, wato watan da odar take kafin a taɓa ta. Ya tare ragin kaya, ya tare sharewa. Da na gwada shi da labarin odar 8,000 sai ta wuce salin alin, domin tsohon watanta Maris ne, a buɗe yake, sabon watan da ake tura ta ne rufaffe. Da kuma `NEW` kaɗai na duba, mutum zai iya ciro oda daga rufaffen wata zuwa buɗaɗɗe, ya gyara ta a can. Fita da shiga duk canja jimilla suke.

Wani wurin da ke da saurin kuɓucewa shi ne teburin `order_items`. Kan oda yana cikin `orders`, amma yawan kaya yana cikin layukanta, kuma can aka mayar da 10 ta koma 7. Kulle `orders` kaɗai tamkar kulle ƙofar gaba ne a bar taga. Na ɗora masa nasa `trigger` ɗin da ke neman watan uwar odar.

Batun agogo ma ya taso, na gama da shi a zama ɗaya. Sabarmu a kan UTC take, agogon ofis kuma yana gaba da ita da awa ɗaya. Odar da aka shigar ƙarfe 12:20 na dare ranar 1 ga Afrilu, a idon sabar ƙarfe 11:20 ne na 31 ga Maris. Don haka ake cike `period` sau ɗaya lokacin shigar da oda, da `AT TIME ZONE` na agogon ofis, sannan rahoto da kwaɗo duk su karanta gurbin nan, kada kowanne ya yi nasa lissafin.

27 ga Maris

Na kunna kwaɗon a kan Janairu da Fabrairu shekaranjiya. Kafin azahar masu kai kaya sun kira sau uku. Akwai odar ƙarshen Fabrairu da sai yanzu aka kai kayanta, manhajar ta ƙi bari a rubuta cewa an kai. Ƙorafinsu daidai ne. Matsayin kai kaya ba ya shiga rahoton ciniki, babu dalilin daskarar da shi.

Hanya biyu ce a gabana. Ko in jera guraben da aka hana taɓawa, ko in jera waɗanda aka yarda a taɓa. Na zaɓi ta biyu, kuma na daɗe ina auna ta kafin in zaɓa. Idan na jera haramtattu, ranar da wani ya ƙara gurbin rangwame a teburin ya manta bai sa shi a jerin ba, an buɗe kafa ke nan ba wanda ya sani. Idan halattattu na jera, sabon gurbi a kulle zai zo, mafi munin abin da zai faru shi ne wani ya kira ni ya ce an hana shi. Kiran waya na fi so da ɓarnar da ba ta ƙara.

```sql
IF TG_OP = 'UPDATE'
   AND to_jsonb(NEW) - 'delivery_status' - 'note' - 'updated_at'
     = to_jsonb(OLD) - 'delivery_status' - 'note' - 'updated_at'
THEN RETURN NEW;
END IF;
```

Ma'anarsa, a cire gurabe ukun nan daga tsohon layi da sabo, in sauran duk ɗaya ne a bar shi ya wuce. Na so in yi amfani da `UPDATE OF` tun farko, amma shi yana tashi ne da zarar an ambaci gurbin a cikin `SET`, ko da ƙimarsa ba ta canja ba, manhajar wayar kuwa duk guraben take turowa kowane lokaci.

5 ga Afrilu

An rufe Maris ƙarfe huɗu na yamma, akanta ce ta danna da hannunta. Oda 412, jimilla 5,106,200.

Kwana biyu kafin haka na yi wani gwaji da ya hana ni barci. Na buɗe taga biyu na `psql`. A ta farko na yi `BEGIN`, na canja wata odar Maris, ban yi `COMMIT` ba. A ta biyu na rufe Maris, aka ɗauki jimilla. Sannan na koma ta farko na yi `COMMIT`. Gyaran ya shiga. Kwaɗon ya duba lokacin da watan yake buɗe, jimillar kuma an ɗauke ta lokacin da gyaran bai bayyana ba tukuna, sai ya faɗo cikin rufaffen wata bayan an tura ƙyaure. Daƙiƙa kaɗan ne tazarar a aikin yau da kullum, amma ranar rufe wata ita ce ranar da kowa ke rububin gyara tsofaffin oda.

Maganin layi ɗaya ne a cikin `duba_wata`:

```sql
SELECT closed_at INTO rufe
FROM periods WHERE period = p FOR SHARE;
```

Duk mai gyaran oda yanzu yana riƙe da layin watan har ya gama. Masu gyara da yawa za su iya riƙe shi tare, ba sa tare wa juna hanya. Mai rufewa kuwa `UPDATE` yake yi wa layin, dole ya jira duk su saki. Tsarin matakan yana da muhimmanci: a fara rubuta `closed_at`, sannan a tara jimilla, duk a cikin `BEGIN` ɗaya. Wanda ya zo bayan haka zai jira, sannan ya tarar da watan a rufe. Na maimaita gwajin, taga ta biyu ta tsaya cak har na saki ta farko, jimillar kuma ta haɗa da gyaran.

A lokacin rufewa ana ajiye yawan oda da jimillarsu a layin watan. Na kuma sa wani ƙaramin shiri da ke tashi kowane dare, ya sake lissafin duk rufaffun watanni, ya gwama da abin da aka ajiye, in sun saɓa ya aika saƙo gare ni da akanta. Kwaɗo yana tare ƙofar da na sani ne kawai. Wannan shirin na ƙofofin da ban sani ba ne.

14 ga Afrilu

Saƙon ya zo da asuba. Maris ta tashi daga 5,106,200 zuwa 5,124,800, ƙarin 18,600. Yawan oda bai canja ba, 412 ne. Na duba `updated_at` na duk odar Maris, babu wadda aka taɓa in ban da masu matsayin kai kaya. Na gwama da kwafin ajiya, layukan iri ɗaya ne sak.

Sai da na koma na karanta tambayar da rahoton ke yi wa rumbun. Layin oda yana ajiye lambar kaya da yawansu ne kawai. Farashi kuwa rahoton yana ɗauko shi daga teburin `products`, wato farashin yau. Jiya an ɗaga farashin wani kaya daga 4,500 zuwa 4,800. An sayar da guda 62 a Maris. 62 sau 300 shi ne 18,600. Ba wanda ya taɓa oda ko ɗaya, amma lambar da aka kai wa manaja ta motsa, kuma Janairu da Fabrairu ma sun motsa da nasu gwargwadon.

Wannan ya sauya mini yadda nake kallon aikin gaba ɗaya. Na ɗauka oda nake kullewa. Ashe abin da ya kamata in tsare shi ne lambar da aka bayar, ita kuwa tana jingine da duk teburin da rahoton ke leƙawa. Na bi tambayar `JOIN` bayan `JOIN`, ina tambayar kaina ko wannan abin zai iya canjawa gobe. Farashi zai iya. Kason haraji zai iya. Rukunin da aka sa kaya a ciki zai iya, shi ba zai taɓa jimilla ba amma zai sauya yadda aka rarraba ta. Ba za a iya kulle `products` ba, kasuwa dole ta canja farashi. Abin yi shi ne a kwafe ƙimar zuwa layin oda a lokacin sayarwa: `unit_price`, `tax_rate`, `category`. Guraben kuɗi na sa su `numeric`, domin `float` ba ya riƙe lamba kamar 0.1 daidai, kuskurensa kuma taruwa yake idan an tara layuka da yawa.

Cike sababbin guraben a tsofaffin layuka ya ci karo da kwaɗona, kamar yadda aka tsara shi ya yi. Na ɗauko tsofaffin farashi daga kwafin ajiya, na kira akanta ta zauna kusa da ni. A cikin `BEGIN` ɗaya na kashe `trigger` ɗin, na cike, na mayar da shi, na sake lissafi. Ta riƙe takardar 5 ga Afrilu tana kallon allo. Da 5,106,200 ta fito sai ta ce, "To, yanzu adana." Sannan na yi `COMMIT`.

21 ga Afrilu

Makon nan ya tafi a kan abin da ya kamata in fara da shi, wato ƙofar gyara ta halal. Wani mai sayarwa ya zo yana huci, kwastoma ya dawo da kaya biyu daga odar 29 ga Maris, manhajar ta ƙi. Ya ce, "Malam, to ƙarya za mu bari a littafi ke nan?" Na ce masa odar ba ƙarya ba ce, ranar 29 ga Maris an sayar da kayan nan da gaske. Dawowar wani al'amari ne daban da ya faru a Afrilu, a Afrilu za a rubuta shi.

Haka akantoci ke yi tun kafin kwamfuta: ba a kankare abin da aka shigar, sai dai a shigar da wani da zai warware shi. Na yi allon takardar ragi. Mutum ya zaɓi tsohuwar odar, ya zaɓi layin, ya rubuta yawan da aka dawo da shi da dalili. Takardar tana ɗaukar kwanan yau, tana nuni ga lambar odar asali, farashinta kuma daga `unit_price` na layin asali yake zuwa. Nan gyaran makon jiya ya yi rana: kayan nan ne da aka ƙara wa kuɗi, da farashin yau aka bi da an mayar wa kwastoma 9,600 alhali 9,000 ya biya. Takardar ba ta yarda ragi ya wuce abin da aka sayar, ko da a kashi-kashi aka dawo da shi. Maris ta zauna yadda take, Afrilu ta nuna ragin 9,000 a layinsa daban, kowa yana gani.

Na kuma canja saƙon da kwaɗon ke fitarwa. Da can jan rubutu ne mai cewa an samu kuskure. Yanzu yana faɗin watan da ranar da aka rufe shi, da maɓallin da zai kai mutum kai tsaye ga takardar ragi ko ta ƙari. Na tabbata idan aka hana mutane gyara ba a nuna musu inda za su bi ba, hanya za su samo da kansu: su ƙirƙiri odar bogi a sabon wata, ko su matsa wa akanta ta buɗe musu. A nan za a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Tun da allon ya fito kiran ya ragu sosai.

Akwai abin da wannan tsarin ke jawowa, na faɗa wa manaja shi a fili. Cinikin Afrilu zai ɗauki nauyin dawowar kayan Maris. Wanda ke son sanin ainihin abin da odar Maris suka haifar bayan duk ragi sai ya nemi rahoto na biyu, wanda ke tara takardun ragi bisa watan odar asali. Na yi shi, na sa masa suna daban da launi daban don kada a ɗauke shi a matsayin rahoton da aka rufe.

6 ga Mayu

An rufe Afrilu jiya ba tare da an kira ni ba. Shirin dare bai yi ƙara ba tun 14 ga wancan watan.

Mun yi doguwar muhawara kan sake buɗe wata. Ni da farko na so a hana kwata-kwata. Akanta ta kawo misali: a ce an shigar da fayil ɗin CSV sau biyu ranar 30 ga wata, ba a lura ba sai awa ɗaya bayan rufewa, rahoto bai ko fita ofis ba. Rubuta takardun ragi tamanin a kan wannan wahala ce da za ta ƙazantar da watanni biyu. Na sallama. Abin da muka tsayar: akanta ta nema, manaja ya amince daga nasa asusun, a rubuta dalili, kuma watan ƙarshe da aka rufe ne kaɗai ke buɗuwa. Tsohuwar jimilla ba ta gogewa. Idan an sake rufewa, rahoton yana fitowa da "bugu na 2" a samansa, da tsohuwar lamba da sabuwa gefe da gefe.

Saura ƙofar da ni nake riƙe da ita. Ranar 14 ga Afrilu na kashe `trigger` da layi ɗaya, kuma asusun da manhajar ke shiga rumbun da shi shi ne mamallakin teburan, don haka duk wanda ya samu kalmar sirrinsa zai iya yin abin da na yi. `TRUNCATE` ma ba ya tayar da `trigger` na layi-layi. Makon nan zan raba asusun biyu: na manhaja ya samu `SELECT`, `INSERT`, `UPDATE` da `DELETE` kawai, na mamallaki kuma kalmar sirrinsa ta koma hannun manaja.

Shirin dare shi ma yana da rauni da odar Fabrairu suka nuna mini tun farko. Jimilla da yawan oda kawai yake gwamawa, ragin 8,000 a wata oda da ƙarin 8,000 a wata za su haɗiye juna ya yi shiru. Zan sa a riƙa ajiye `md5`, wato gajeren tambarin da ke sauyawa in an taɓa ko harafi ɗaya, na duk layukan watan, a jere bisa lambarsu, ban da guraben da aka yarda a taɓa, a lokacin rufewa. Na rubuta shi, na gwada a kan Maris yau da rana. Gobe zan gwada da canji biyu masu cinye juna in ga ko zai kama su.